A BAYYANA A SAUƘAƘE: AMMA GA WA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a masu karatu, a cikin wasiƙun da suka iso mu a wannan wata akwai ɗaya daga unguwar Hotoro ta birnin Kano, wadda duk tsawonta bai wuce layi uku ba. Mai wasiƙar ya yi sallama, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, ina roƙon a bayyana mini zakkar kayan ciniki a sauƙaƙe." Bai faɗi shekarunsa ba, bai faɗi sana'arsa ba, bai kuma faɗi inda karatunsa ya tsaya ba.

Wasiƙar ta kwana biyu a gabanmu ba mu amsa ba. Mas'alar ba baƙuwa ba ce, tana cikin littattafan da muka sha biyawa. Abin da ya tsayar da alƙalaminmu shi ne kalmar nan "a sauƙaƙe". Hotoro unguwa ce mai tara mutane iri iri. Akwai ɗalibin Islamiyya wanda malaminsa ya ba shi aikin gida. Akwai dillalin da ke sarin kaya daga masana'antun Sharaɗa ko Challawa ko Bompai yana kai wa Kantin Kwari da kasuwar Singa. Akwai kuma limami ko alƙali mai ritaya wanda ya sauke Muhtasar tun muna samari. Kowane ɗayansu yana iya rubuta wannan layi, kuma sauƙin da kowannensu ke nema dabam ne. Saboda haka yau za mu amsa tambaya biyu a haɗe: yadda ake gane matsayin mai tambaya, da kuma ita kanta zakkar.

GAJARTA DABAM, SAUƘI DABAM

Mu fara da kawar da wani kuskure. Mutane da yawa suna zaton sauƙaƙa magana shi ne gajarta ta. Wanda ya zauna a zauren karatu ya san ba haka ba ne. Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 8 na Hijira, an matse fiƙihun Malikiyya kusan duka a cikinsa, har kalma guda takan ɗauki hukunci guda. Duk da wannan gajarta, shi ne littafin da ɗalibi ke isa gare shi a ƙarshe, kuma ba ya fahimtuwa sai da sharhi. Ibn Haldun, wanda ya rasu a shekarar 808 ta Hijira, watau 1406 ta Miladiyya, ya yi gargaɗi a cikin Muƙaddima cewa irin waɗannan taƙaitattun littattafai suna cutar da mai fara karatu, domin suna ɗora masa ƙarshen ilmi tun bai shirya ba. Shawararsa ita ce a bi fanni sau uku: a fara da manyan mas'aloli a dunƙule, a komo a faɗaɗa a ambaci saɓani, sa'an nan a komo na uku a warware duk wani ƙulli.

Magabatanmu na ƙasar Hausa sun jera littattafansu kusan a kan wannan tsari. Yaro yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari, ya wuce Ishmawi, sa'an nan Iziyya, sa'an nan Risala, sa'an nan Askari, kafin ya kai ga Muhtasar. A lura da hikimar jerin. Ahalari bai wuce tsarki da salla ba. Ishmawi ya ƙara azumi. Zakka ba ta fara fitowa ba sai a Iziyya. Watau an fara wa yaro da abin da zai aikata gobe da asuba, aka jinkirta masa abin da sai ya yi dukiya. Wasu malamai ma mutum ɗaya ne ya rubuta matakan duka. Ibn Ƙudama na Hambaliyya, wanda ya rasu a 620 ta Hijira, ya rubuta Umda don mai farawa da ƙauli ɗaya, ya rubuta Muƙni'i da Kafi don na tsakiya, ya rubuta Mugni don wanda zai iya auna hujjojin mazhabobi.

Asalin wannan ladabi kuwa yana cikin Sunna. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman, ya fara sanar da shi irin mutanen da zai tarar, cewa ma'abota Littafi ne, kana ya tsara masa abin da zai fara kira gare shi da abin da zai biyo baya. An gabatar da sanin mai sauraro a kan bayani.

ALAMOMIN DA MUKE DUBAWA

To, yaya malami zai gane wanda ke gabansa? Mu dai abu uku muke dubawa.

Na farko, kalmomin da ya yi tambayar da su. Wanda ya ce "zakkar kasuwa" ko "zakkar shago" yana magana ne da harshen gari. Wanda ya ce "zakkar uruli", ko ya ambaci "mudiri", ya riga ya shiga Risala, kuma idan aka tsaya fassara masa nisabi an ɓata masa lokaci.

Na biyu, ko hukuncin ya hau kansa. Wannan ita ce alama mafi nauyi. Yaro yana tambaya don ya sani, mai dukiya yana tambaya don ya fitar. Idan bayanin yaro ya yi giɓi, shekara mai zuwa za a cike masa. Idan na mai dukiya ya yi giɓi, haƙƙin matalauta ne zai maƙale a aljihunsa.

Na uku, inda tambayar ta tsaya. Mai farawa yakan tambayi babin gaba ɗaya, domin bai san inda wuyar take ba. Abokin karatu yakan ɗora yatsa a kan gaɓa guda. Shi idan ya ce "a sauƙaƙe", nufinsa a bar gabatarwa a tafi kai tsaye wurin da malamai suka saɓa.

Idan alamomin nan ba su wadatar ba, maganin shi ne a mayar da tambaya. Mun aika wa ɗan'uwanmu na Hotoro da tambaya uku: kai ne mai dukiyar, ko wani kake tambaya wa? Kayanka kullum suke fita, ko ajiye su kake sai sun yi tsada? Ana bin ka bashi? Amsarsa ta nuna ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ya sa kuɗin sallamarsa a sarin kayan roba daga wata masana'anta a Sharaɗa, kuma bana ne jarinsa ya fara cika shekara. Mutum ne mai hankali da sanin lissafi, amma baƙo a wannan babi. Kafin mu ba shi tasa amsar, bari mu nuna yadda za ta kasance da yaro ne ya yi tambayar.

AMSAR YARO

Da ɗan shekara goma ne, sai mu ce ya kawo tsakuwa arba'in ya jera a ƙasa. Mu ce masa, "Wannan dukiyar babanka ce ta kasuwa. Idan ta yi yawa har ta kai wani mizani da Shari'a ta ajiye, kuma ta shekara a hannunsa, sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ba mabukata. Wannan ɗayar ba kyauta ba ce, haƙƙinsu ne da Allah Ya ajiye a cikin dukiyarsa." Shi ke nan.

Ba mu ambata masa dinari ba, ba mu ambata bashi ba. Amma a lura ba mu gaya masa ƙarya ba. Mun bar masa ƙofa biyu a buɗe, watau mizani da shekara, waɗanda idan ya girma za a shigo masa da sauran bayani ta cikinsu. Wanda ya ce wa yaro duk mai naira 40 zai fitar da naira 1 ya sauƙaƙa, amma ya dasa kuskuren da sai wani malami ya wahala kafin ya tumɓuke.

AMSAR MAI FARAWA

Yanzu ga amsar mai wasiƙarmu, da duk wanda ke cikin irin halinsa.

Ɗan'uwa, ka fara sanin nisabi, watau mafi ƙarancin dukiyar da zakka ke hawa kanta. Na zinariya dinari 20 ne, wanda malaman wannan zamani da yawa suka ƙiyasta da giram 85. Na azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Farashin zinariya yana hawa yana sauka, don haka a ranar lissafinka ka tambayi masu sayar da ita, ko ka nemi sanarwar hukumar zakka. Domin misali kawai, mu ƙaddara giram ɗaya naira 150,000 ne. Nisabi ya zama naira 12,750,000. Abin da ake fitarwa kuwa ɗaya ne cikin arba'in, bayan dukiya ta cika shekara ta lissafin watannin Musulunci.

Sa'an nan ka san cewa a mazhabar Imamu Malik 'yan kasuwa iri biyu ne. Akwai mudiri, shi ne mai jujjuya kaya, yana saye yana sayarwa da farashin ranar, kamar masu shaguna a Kantin Kwari. Akwai muhtakiri, shi ne mai sayen kaya ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi, kamar wanda ya sayi riɗi a Dawanau ya zuba a sito, ko ya sayi fili da niyyar sayarwa. Kada kalmar ta ruɗe ka. A wannan babi ba ana nufin mai ɓoye abinci don ya ƙuntata wa jama'a ba, wancan hukuncinsa a babin ciniki yake. Muhtakiri ba ya yin zakkar kayansa sai ranar da ya sayar, idan asalin kuɗin ya shekara kuma abin da ya karɓa ya kai nisabi, sai ya fitar ta shekara ɗaya ko da kayan sun shekara biyar a ajiye. Kai kuwa, tun da kayanka kullum fita suke, mudiri ne.

Aikin mudiri shi ne wannan. A watan da jarinka ke cika shekara, ka ƙirga tsabar kuɗin da ke hannunka da na banki. Ka yi wa kayan da ke sito ƙima da farashin da za su sayu a ranar, ba wanda ka saro su da shi ba. Ka haɗa da basussukan ciniki da kake bin mutanen da kake sa ran za su biya. Bashin da ke kan wanda ya tsiyace ko ya musa ba ya shiga, sai ranar da ya zo hannu. Shagon kansa, da kantoci, da ma'auni, da motar dakon kaya, duk ba sa shiga, domin ba don sayarwa aka ajiye su ba.

Mu ƙaddara kana da naira 4,000,000 tsaba, kayan sito da ka riga ka biya kuɗinsu sun kai 14,000,000, kana bin 'yan kiri amintattu 3,000,000. Jimla 21,000,000. Mu ƙaddara kuma masana'anta tana bin ka 5,000,000 na kayan da ka karɓa ka riga ka sayar. Idan aka cire, saura 16,000,000. Ya haura nisabi. Ɗaya cikin arba'in nasa naira 400,000 ne.

A nan ne mai gaggawar sauƙaƙawa yakan ajiye alƙalami, a nan ne kuma yakan yi ɓarna. Akwai sauran sharaɗi guda. A mazhabarmu bashi yana rage zakkar kuɗi ne idan ba ka da wata kadara da za ta iya tsaya wa bashin. Mai wasiƙarmu ya gaya mana yana da fili a bayan gari da ya saya shekara uku da suka wuce don ya yi wa 'ya'yansa gini. Filin kansa babu zakka a kansa, tun da ba na ciniki ba ne. Amma idan ƙimarsa ta kai 5,000,000, sai a jingina bashin a kansa, a yi zakkar 21,000,000 cif. Abin fitarwa ya koma naira 525,000. Tsakanin amsar da aka datse da amsar da ta cika akwai naira 125,000, kuma kuɗin matalauta ne.

Ba da ka muke faɗin wannan ba. Shekarun baya wani bawan Allah ya tare mu a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, ya ce, "Malam, a taƙaice dai, yaya ake yi?" Muka ga yana sauri, muka ce ya haɗa kuɗi da kaya, ya cire bashi, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Sai bayan shekara biyu, cikin wata hira, muka ji yana da gidajen haya da suka fi ƙarfin bashinsa nesa ba kusa ba. Dole muka je har gida muka ce, "Alhaji, amsar da muka ba ka ba ta cika ba, akwai ramuwa a kanka." Ya biya, Allah Ya saka masa da alheri. Laifin namu ne, domin mun ba mai dukiya amsar da ta dace da yaro.

Abin lura shi ne wannan sharaɗi, da rabe-raben mudiri da muhtakiri, duk suna cikin Risala. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 386 ta Hijira, watau 996 ta Miladiyya, ya rubuta ta ne bisa roƙon wani malami mai koyar da yara. Ya bar yawancin hujjoji da jayayyar malamai, amma bai yar da sharaɗin da aiki ke ɓaci in babu shi ba. Wannan ita ce ƙa'idar da muke riƙo da ita: ga mai farawa ana iya jinkirta dalili, ana iya jinkirta saɓani, amma ba a jinkirta sharaɗin da ya shafi aikinsa.

AMSAR ABOKIN KARATU

Da kuwa ɗaya daga cikin malaman Hotoro ne ya aiko, duk abin da ya gabata ba ma faɗa masa. Sai mu ce, Malam, wuraren da ƙafa ke zamewa a mas'alar dillalan masana'antu uku ne.

Na ɗaya, kayan da aka karɓa bashi kuma suna nan a sito. Masu sharhin Muhtasar sun bayyana cewa mudiri yana yi wa ƙima ne kayan da ya biya kuɗinsu, ko waɗanda suka shekara a hannunsa. Waɗanda bai biya ba kuma ba su shekara ba, ba ya ƙima da su, kuma ba ya cire kuɗinsu daga abin da ke hannunsa. Dillalin da ya bar kayan a waje amma ya cire bashinsu ya ci riba sau biyu.

Na biyu, wanda ya haɗa hali biyu, yana jujjuya roba a Singa yana kuma ajiye fata ko hatsi. Idan dukiyoyin biyu sun yi daidai, ko ta ajiya ta fi yawa, kowace da hukuncinta. Idan ta jujjuyawa ce ta rinjaya, duka sai su bi hukuncin mudiri.

Na uku, wannan rabe-rabe na Malikiyya ne. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad ba su bambanta ba, a wurinsu duk ɗan kasuwa yana ƙima kowace shekara, kuma Ibn Rushd ya kawo saɓanin a cikin Bidayatul Mujtahid. Mai ba da fatawa yana bukatar sanin haka, domin almajirinsa zai ji wata amsa dabam a rediyo ya dawo yana cewa an yi kuskure.

Ka ga wannan amsa ta fi ta mai farawa gajarta, alhali ta fi ta zurfi. Da mun miƙa ta ga mai wasiƙarmu, da ya ninke jaridar ya bar zakkar sai wata shekara. Da kuma mun kawo wa limami tsakuwa arba'in, da mun ci mutuncinsa.

GA WA MUKE RUBUTU A WANNAN FILI?

Malamin zaure yana ganin fuskar almajirinsa, idan ta yamutse ya sake bayani. Mai rubutu a jarida ba ya ganin kowa, don haka tilas ya zaɓi mutum guda ya zaunar a gabansa. Mu mun zaɓi baligi mai hankali wanda ya ƙware a nasa aikin amma bai yi nisa a namu ba. Shi ne wanda kuskure zai fi yi wa illa. Malami idan ya karanta abin da ya riga ya sani yana iya tsallakewa, yaro kuma yana da malaminsa. Shi ya sa muke fassara kowace kalmar Larabci a karonta na farko, kuma muke kawo lissafi da naira. Wanda ya san yadda ake fitar da riba a dilar atamfa, ko ya shekara talatin yana tsara kasafin ma'aikata, kalmomin fannin ne kawai suka ɓace masa, hankalinsa cikakke ne, kuma bai kamata a yi masa magana kamar ɗan firamare ba.

Ku ma masu aiko da wasiƙu akwai naku rabon aikin. Idan za ku ce a bayyana a sauƙaƙe, ku ƙara layi biyu: wane littafi kuka tsaya a kai, kuma don aiki kuke tambaya ko don sani. Babu kunya a cewa ban wuce Ahalari ba. Kunyar tana ga wanda ya ɓoye matsayinsa, ya karɓi amsar da ba tasa ba, ya gina ibadarsa a kanta. Idan kuwa mas'alar dukiya ce mai rassa da yawa, kamar ta mai masana'anta da ke da injuna da ɗanyen kaya da abokan tarayya, to ya ɗauki littafin lissafinsa ya tafi gaban malami, domin filin jarida ba ya wadatar da irin wannan.

Ɗan'uwanmu na Hotoro, ga amsarka nan. Ka sa a yi wa filin nan ƙima kafin ka fitar. Allah Ya sa albarka a cikin abin da ya rage, Ya karɓi abin da aka bayar. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.